Takardar HACCP don ƙuli-ƙuli: miliyan uku aka ce min, in biya ko in haƙura?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Shawara nake nema. Ƙuli-ƙuli nake yi a nan Kano, mai yaji da mai siga, ina zubawa a leda mai tambarina, kuma ina da lambar NAFDAC. Ma'aikatana shida ne, mata biyar da yaro ɗaya mai kula da inji. A wata muna fitar da abin da bai wuce kilo 500 ba. To wani dila da ke kai wa manyan kantuna kaya a Abuja da Legas ya ɗanɗana kayana, ya ce zai iya ɗaukar tan biyu duk wata, amma ya tambaye ni ko ina da takardar HACCP, wato shaidar cewa ina bin tsarin gano haɗuran da ke gurɓata abinci da hana su. Na nemi wani mai ba da shawara kan irin waɗannan takardu, ya ce kuɗin aikinsa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kamfanin da zai zo ya duba ya ba da satifiket kuma miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Miliyan uku ke nan. Ina da kuɗin, amma na ƙarin inji na tara su. Waɗanda suka san harkar, don Allah ku faɗa min gaskiya.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki bari a cuce ki. Tunda kina da NAFDAC ai kin gama. Duk wannan HACCP da ISO, takardar bin ƙa'idojin inganci na duniya, na masu fitar da kaya ƙasashen waje ne. A cikin Najeriya babu dokar da ta ce sai da su za ki sayar da ƙuli-ƙuli.

Anti Rabi Mai Zobo: Ni ma haka na sani. Shekarun baya na kai zobo da garin kunu wani babban kanti a Abuja, lambar NAFDAC da takardar rajistar kamfani kawai suka nema.

Malam Habu Sharaɗa: Baban Sadik, rabin maganarka daidai ne. Doka lambar NAFDAC take nema a kan ledar, wannan gaskiya ne. Amma mai saye ba doka yake bi ba, sharaɗinsa yake kafawa, kuma kuɗinsa ne. Ni aikina ke nan, ina sashen kula da inganci a wata masana'antar abinci, kuma ni ake turawa in duba masu kawo mana kaya. Lambar NAFDAC tana nuna cewa an duba wurinki da samfurin kayanki lokacin rajista, an ba ki izini na shekara biyar. Mai saye kuwa tambayarsa daban: buhun da za ki aiko min ranar Talata mai zuwa, me ya tabbatar min cewa daidai yake da wanda na ɗanɗana? Wannan tambayar HACCP ke amsawa.

Hajiya, kafin a yi maganar kuɗi, ina da tambayoyi uku. Wurin da kuke aiki naki ne ko haya? Dilan nan ya rubuta miki abin da yake so, ko a baki ya faɗa? Kuma kin taɓa kai ƙuli-ƙulinki ɗakin gwaji da kanki, ban da wanda aka yi lokacin rajista?

Maman Ilham: Malam Habu na gode. Wurin haya ne, gida ne mai ɗaki uku da tsakar gida, shekara-shekara nake biya. Maganar dila a waya muka yi. Gwaji kuma tun na rajista ban sake ba, don ban taɓa samun ƙorafi ba.

Malam Habu Sharaɗa: To ki riƙe miliyan ukunki tukuna. Bari in yi bayani, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Miliyan ukun da aka faɗa miki kuɗin mutum biyu ne kawai: wanda zai koya miki ya tsara miki takardu, da wanda zai zo ya duba. Ba a sa kuɗin gyaran wurin ba, kuma shi ne mai nauyi. Odita, wato mai zuwa dubawar, in ya shigo, ƙasa yake fara kallo. Siminti mai tsagewa da mai ya jiƙe shi ba zai wuce ba, sai tayil ko daɓe mai sulɓi da magudanar ruwa. Zai ɗaga kai ya ga ko akwai silin, ko ƙwan fitila yana da murfi don kada ya fashe ya zuba cikin tunkuza. Tagogi sai da raga. Teburin katako da ake murza ƙuli a kai sai an canja shi da na ƙarfe marar tsatsa. Wurin wanke hannu da sabulu a bakin ƙofar shiga, ban-ɗaki kada ƙofarsa ta buɗe cikin ɗakin aiki. Abin da ya fi wahalar da masu aiki a gidan haya shi ne hanyar kaya: ɗanyar gyaɗa ta shigo ta nan, soyayyen ƙuli ya fita ta can, kada su haɗu a hanya. In buhun gyaɗa da ƙurarsa yana ratsa ɗakin da ake zuba ƙuli a leda, to sai an fasa bango ko an buɗe sabuwar ƙofa. Mai gida zai yarda?

Na biyu, satifiket ɗin na wuri ne, adireshin gidan ake rubutawa a jikinsa tare da irin kayan da ake yi. Ranar da mai gida ya ce yana son gidansa, tayil ɗinki ya zama nasa, satifiket kuma sai an sake zuwa an duba sabon wuri.

Na uku, ba sau ɗaya ake biya ba. Yawancin irin waɗannan takardu shekara uku suke yi, kuma duk shekara sai odita ya dawo, ki biya shi, ki biya kuɗin motarsa ko jirginsa da masaukinsa in daga Legas yake.

Hajiya Binta Tarauni: Innalillahi. Ashe abin ba na wasa ba ne.

Ɗan Kurmi Mai Leda: Hajiya in matsalar leda ce ku zo shagona, muna buga tambari mai kyau, har da wurin sa lambar ISO a jiki, babu wanda zai raina kayanki.

Malam Habu Sharaɗa: Ɗan Kurmi ba maganar leda ake ba. Kuma don Allah kada ka buga wa kowa ISO a leda in ba shi da shi. Ko mai shi ma ba a yarda ya manna tambarin a jikin kayan kamar kayan ne aka tantance ba, tsarin aikin kamfani ake tantancewa.

Ɗan Kurmi Mai Leda: Ayya, ban karanta daga sama ba. A yafe ni.

Akawu Nura: Hajiya, in kin yarda ki ba ni lambobi uku in buga miki lissafi a nan kowa ya gani. Ribarki nawa ce a kilo in kin sayar a farashin sari? Nawa kilo ɗaya yake tsaya miki? Kuma mai ba da shawarar ya faɗa miki kuɗin dawowar odita?

Maman Ilham: Kilo yana tsaya min kamar 2,400 bayan na cire kuɗin man da nake sayarwa. Dilan ya ce zai saya a 3,000, riba 600 ke nan. Na kira mutumin yanzu, ya ce dawowar odita dubu ɗari tara ce duk shekara. Da ban tambaya ba bai faɗa ba. Gyaran da Malam Habu ya lissafa kuma na nuna wa maigidana, shi magini ne, ya ce ba zai gaza miliyan huɗu ba da tebura.

Akawu Nura: To mu ɗauki shekara uku. Miliyan uku na farko, da dawowar odita sau biyu miliyan 1.8, da gyara miliyan huɗu. Sai wanda zai riƙa cike takardu kullum, don ke ba za ki iya haɗa shi da kasuwa ba. Ko a mafi ƙarancin albashi na dubu saba'in, shekara uku miliyan 2.5 ne. Gwaje-gwaje in muka ce dubu sittin a wata, miliyan 2.2. Jimla wajen miliyan goma sha uku da rabi. A raba wa wata 36, kowane wata dubu 375 ke nan.

Yanzu ga inda maganar take. In dila ya ɗauki tan biyun da ya ce, takardar tana cin ƙasa da naira 190 a kowane kilo, ya rage miki sama da 400, a wata kin tashi da fiye da dubu ɗari takwas. Wannan ciniki ne mai kyau. Amma sai ya ɗauki kilo 625 duk wata kafin ki mayar da kuɗin takardar kaɗai, ba ki ci ko sisi ba. In ya yi wata uku yana saye ya ɓace, kika koma kan kilo 500 ɗinki na da, nauyin ya koma naira 750 a kowane kilo, kuma masu shagon unguwa da kike kai wa ba za su ƙara miki ko naira goma don kina da HACCP ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan tsorata ni. Tan biyu a 2,400 miliyan 4.8 ne za ki zuba kowane wata kafin a biya ki. Masu kai wa manyan kantuna ba sa biya nan take, su ma jira suke. In ya ce sai bayan kwana sittin, kusan miliyan goma naki na hannun mutane a kowane lokaci. Kina da wannan jarin bayan kin biya na takarda?

Maman Ilham: Gaskiya ba ni da shi. Kuma injina ma ba zai fitar da tan biyu ba sai na ƙara wani, kuɗin da nake shirin taɓawa ke nan.

Alhaji Dawanau: Akawu lissafinka ya yi, amma ban yarda ka ɗora miliyan huɗun gyara a wuyan satifiket ba. Duk wanda zai tashi daga kilo 500 zuwa tan biyu dole ya gyara wuri, da takarda ko babu. Haka ma gwaji. Ka cire waɗannan biyun ka ga takardar ba ta kai yadda ka tsorata ta ba. Ni riɗi da zobo nake fitarwa, kuma na ga yadda takarda ke buɗe ƙofa. Akwai masu sayen da ko amsa wasiƙarka ba za su yi ba in ba su ga ka haɗo da satifiket ba. Mu tuna abin da ya sami wakenmu: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwari irin na fiya-fiya da ake zuba masa a rumbu. Waɗanda ba su taɓa zuba magani ba ma abin ya shafe su. Duniya ta tafi wajen shaida, tun kana ƙarami ya kamata ka fara.

Akawu Nura: Ranka ya daɗe na yarda gyaran zai amfane ta ko babu takarda. Amma daga aljihu ɗaya kuɗin zai fito, kuma a shekara ɗaya. Bambancin shi ne in babu odita a kanta, za ta iya yin tayil bana, silin baɗi. In ta sa ranar odita, dole ta yi duka lokaci guda, a gidan da ba nata ba.

Alhaji Dawanau: Maganar haya kam ka fi ni gaskiya. Sai dai ta nemi mai gidan ya rubuta mata yarjejeniyar shekara biyar.

Malam Habu Sharaɗa: Ina so in dawo da mu kan gyaɗar kanta, don a nan ne nake ganin haɗarin, ba a bango ba. Hajiya ta ce ba ta taɓa samun ƙorafi ba. Gubar da ake tsoro a gyaɗa ba ta sa ciwon ciki washegari balle a kawo ƙorafi. Afalatoksin sunanta, wata funfuna ce ke haifar da ita idan gyaɗa ta sha fari a gona, ko aka tara ta ba ta bushe ba, ko aka ajiye buhu a ƙasa mai laima. A hankali take cin hanta. Duk tsarin HACCP da za a rubuta wa mai ƙuli-ƙuli, wannan ce babbar magana a cikinsa, sai ɓarɓashin ƙarfe daga faifan injin markaɗe, sai tsakuwa.

Baban Sadik: Amma Malam ai ƙuli sau biyu yake shiga wuta. A soya gyaɗa, a markaɗa, a matse, a sake soya shi cikin mai mai tafasa. Wace guba ce za ta rayu?

Malam Habu Sharaɗa: Wuta tana kashe funfunar, tana kashe ƙwayoyin cuta irin masu sa gudawa, shi ya sa suya take da muhimmanci a tsarin. Amma gubar da funfunar ta riga ta zuba ba rai gare ta ba balle ta mutu, kuma tana jure zafi. Suya tana rage wani abu, ba ta kawar da ita. Abin da ya fi muni ga mai ƙuli shi ne idan aka matse mai, yawancin gubar a tunkuza take zama. Wato kin cire mai, nauyi ya ragu, guba ta taru a abin da ya saura. Ƙuli yana iya fin gyaɗar da aka yi shi da ita yawan guba a kowane kilo.

Ga ma'aunin don ku ga ƙanƙantarsa: Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da gubarta ta wuce kashi huɗu cikin biliyan. 'Yan ƙwayoyi kaɗan da suka lalace sun isa su ɓata buhu guda. Shi ya sa tsinta ita ce aikin da ya fi kowane daraja a wurinki. A baza gyaɗa a tebur mai haske, a cire duk wadda ta yamutse, da mai baƙi ko kore-kore a ciki, da wadda ƙwaro ya huda, da fasasshiya da ta canja launi. Kuma tsintar bayan an soya an murje ɓawo ta fi kama mugu, don a lokacin ne launin cikin ƙwayar yake fitowa. Wadda aka tsince kuma kada a ce a markaɗa ta daban a sayar da araha, ko a ba ma'aikata su kai gida.

Hajiya, a ina kike sayen gyaɗa, kuma kina auna laimarta?

Maman Ilham: A kasuwa nake saye, duk wanda na samu da sauƙi. Da haƙori nake gwadawa, in ta yi ƙaras ta bushe. Tsinta muna yi amma ta tsakuwa da ɓawo ce, ba ma cire yamutsattsu sai waɗanda suka yi baƙi ƙirin. Gaskiya jikina ya yi sanyi.

Malam Habu Sharaɗa: Haƙori yana gane jiƙaƙƙiya, ba ya gane bambancin kashi bakwai da kashi goma, kuma a tsakanin nan ne funfuna ke samun wuri. Ɓararriyar gyaɗa ana so laimarta ta tsaya wajen kashi bakwai zuwa takwas cikin ɗari. Ƙaramar na'urar auna laima ba ta kai kuɗin tebur ɗaya ba. Kada jikinki ya yi sanyi, kusan duk masu ƙuli haka suke yi. Abin da nake nufi shi ne, in kika biya miliyan uku yau, aka rubuta miki kundi mai kyau, sannan dila ya kai kayanki gwaji ya faɗi, takardar ba za ta cece ki ba. In kuwa kika kai masa sakamakon gwaji mai kyau na zubi uku a jere, ko ba takarda zai saurare ki.

Ɗan Maraɗi: Sannunku. Mu a nan ƙungiyar mata ce ke yin mai da ƙuli, ni ke riƙe musu littafi. Abin da ya taimake mu shi ne mun daina sayen gyaɗa a kasuwa, mun kama manoma kaɗan da muka sani, muna saye tun da kaka, mu shanya da kanmu a kan tamfol, mu jera buhu a kan katako nesa da bango. Ban san HACCP ba sai yau, amma na ga rabin abin da Malam ke faɗa muna yi.

Malam Habu Sharaɗa: Kuna yi kam. Abin da ya rage muku shi ne rubutawa. Kuma in manomanku za su samu Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona makonni biyu zuwa uku kafin gyaɗa ta yi fure, yana rage gubar tun daga tushe.

Anti Rabi Mai Zobo: Ni tambayata daban. Wani ya taɓa ce min in ba shi dubu ɗari uku, cikin sati biyu zai kawo min satifiket ɗin ISO 22000 na tsarin kula da lafiyar abinci, ba sai kowa ya zo ba. Ban yi ba don ba ni da kuɗin a lokacin. In Maman Ilham takarda kawai dila ke son gani, me zai hana ta yi wannan ta huta?

Alhaji Dawanau: Anti Rabi, Allah ne ya tsare ki. Na san wanda ya yi, ya tura wa mai saye, suka bincika sunan kamfanin da ya bayar ba su same shi ko'ina ba. Ba cinikin kaɗai ya rasa ba, sun daina ɗaga wayarsa.

Malam Habu Sharaɗa: Gane na bogi ba wuya. Ita hukumar ISO ba ta ba kowa satifiket, ƙa'ida kawai take rubutawa. Kamfanoni ne ke dubawa su bayar, irin su SGS da Bureau Veritas da Intertek, da ita SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, ma tana da sashen da ke yi. Su ma masu dubawar akwai masu tantance su, kamar UKAS ta Birtaniya ko NiNAS ta nan gida. In an kawo min satifiket, tambarin mai tantancewar nake fara nema, sannan in duba lambar a shafin kamfanin ko a shafin binciken satifiket na IAF CertSearch. Minti biyar ne. Alama ta biyu, duk wanda ya ce shi zai rubuta miki tsarin kuma shi zai ba ki satifiket, ki guje shi, ƙa'ida ta hana mutum ya duba aikin da shi ya tsara. Ta uku, babu satifiket na gaskiya a sati biyu, don odita yana son ganin takardun aiki na wasu watanni, yawanci kamar uku. Zai ɗauki leda ɗaya daga sito ya ce nuna min buhun gyaɗar da aka yi wannan da shi, wa ya kawo, yaushe, wa ya tsince, wa aka sayar wa sauran. In ba ki da lambar zubi a leda da littafin da ke bin ta, nan za a tsaya.

Kuma Anti, ISO 22000 ya fi HACCP nauyi da tsada. Ga mai ma'aikata shida ban ga dalilinsa ba sai mai saye ya rubuta sunansa ƙarara.

Hajiya Binta Tarauni: Ni fa duk wannan lissafin bai hana ni cewa ta yi ba. Muna nan muna ta tsoro, kayan wasu ƙasashe sun cika kantunanmu. Mace ta samu dama irin wannan a ce ta tsaya? Ki yi istihara ki shiga, Maman Ilham, arziki na Allah ne.

Akawu Nura: Hajiya Binta ba wanda ya ce kada ta shiga. Cewa muka yi ta san ƙofar da za ta bi.

Malam Habu Sharaɗa: Maman Ilham, ga abin da zan yi in ni ne. Ki rubuta wa dilan, ba a waya ba. Ki ce ya turo miki jerin abin da ake nema daga mai kawo kaya, ki tambaye shi ko tsarin HACCP yake so ki kasance kina bi, ko satifiket daga kamfanin waje, don abu biyu ne daban. Ki tambayi mafi ƙarancin abin da zai ɗauka a wata, da kwana nawa yake biya, da wanda zai ɗauki asarar kayan da suka kwana a kanti. Amsarsa ce za ta yanke hukunci, ba mu ba.

Maman Ilham: Jama'a na dawo. Na rubuta masa kamar yadda Malam ya ce, jiya ya turo amsa. Abin da suke nema yanzu: lambar NAFDAC ta kowane iri, rajistar kamfani, takardar lafiyar ma'aikata, takardar feshin ƙwari, sakamakon gwajin afalatoksin da na ƙwayoyin cuta, sannan mutuminsu zai zo ya ga wurin. Satifiket ɗin HACCP ya ce ɗaya daga cikin kantunan ne ke nema, su ma za su ba ni shekara guda kafin in kawo shi. Amma tan biyun ya koma kilo 600 na gwaji har wata uku, biya bayan kwana 45, kuma ya ƙi rubuta mafi ƙarancin abin da zai ɗauka bayan nan.

Baban Sadik: Ba na faɗa ba? NAFDAC ɗin dai ita ce.

Anti Rabi Mai Zobo: Baban Sadik ka karanta har ƙasa mana, akwai gwaji akwai ziyara.

Akawu Nura: Kilo 600 bai ma kai 625 ɗin da muka lissafa ba. A wannan adadin satifiket ba zai biya kansa ba. Amma odar kanta za ki iya ɗauka: miliyan 1.44 a wata, da jiran kwana 45 ki ce miliyan biyu da ɗoriya za su maƙale. Miliyan ukunki sun kusa ƙarewa a nan, saura na na'urar laima da maganaɗisun kama ɓarɓashin ƙarfe da gwaji. Inji sai ya jira.

Alhaji Dawanau: Ni har yanzu ina ganin ta sa ranar satifiket a gabanta, ko da wata goma sha biyu ne, in ba haka ba za a yi ta ɗagawa. Kuma ta leƙa ofishin NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, sun taɓa tallafa wa ƙananan masu fitar da kaya wajen samun irin waɗannan takardu. Dila ɗaya ba shi ne kasuwa ba, da takarda a hannu za ta iya ƙwanƙwasa wasu ƙofofin.

Akawu Nura: Alhaji wasu ƙofofin su ma a rubuce za mu so mu gan su.

Malam Habu Sharaɗa: Ku biyun ba za ku daidaita ba yau. Hajiya, ko za ki yi satifiket ko ba za ki yi ba, ki fara littafin tun zubin gobe, don watannin da kika rubuta su ne odita zai nema in ranar ta zo. Ki kuma tambayi mai ba da shawarar nawa zai karɓa ya zo kwana ɗaya kawai ya zagaya ya rubuta miki abin da ya rage, ba duka aikin ba. Sai maganar samfurin gwaji: kada ki zaɓi leda mafi kyau ki kai. Gubar ba ta bazuwa daidai, tana iya taruwa a wani sashe ta bar wani. Ki ɗebo kaɗan-kaɗan daga farkon suya da tsakiya da ƙarshe, daga wurare da yawa, ki haɗa ki daka ki gauraya, daga nan a ɗauki na gwaji. Ki kuma ajiye rabinsa a wurinki da lambar zubin a jiki.

Maman Ilham: To Malam, idan na yi haka sakamakon ya fito ya wuce ƙa'ida fa? Ina da kusan kilo ɗari biyu a sito da na riga na zuba a leda, kuma buhu takwas na gyaɗar nan ba mu taɓa ba.

Malam Habu Sharaɗa: Matsalar gyaɗar buhu tana da magani, a sake tsince ta da kyau a sake gwadawa. Ƙulin da aka riga aka soya ba shi da shi, kuma kada ki ce za ki gauraya shi da mai kyau don lamba ta sauka. Ki fara kai na siton gwaji daban da na sabon zubi, kada ki haɗa su a samfuri ɗaya. In sakamako ya fito ki turo hotonsa nan, ki rufe sunan kamfaninki, mu duba tare.

Ɗan Maraɗi: Malam in an turo ni ma ina so in gani, don in san yadda ake karanta shi. Kuma gyaɗar da aka tsince, in ba a ba mutane ba, ana iya ba dabbobi?

Malam Habu Sharaɗa: Kada ka ba kaji, suna saurin kamuwa, kuma kada ka ba saniyar da ake tatsa, gubar tana fita ta nono. A haƙa rami a binne ta.